Maganin olsa da watan azumi: gyaran lokacin sha

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda, masu shan omefirazol saboda olsa ko ƙwarnafi, ku gyara lokacin shansa tun kafin a ga wata. Maganin ya fi aiki idan aka sha shi da minti 30 zuwa 60 kafin abinci, domin yana toshe masu fitar da asid a ciki ne daidai lokacin da abinci ya tayar da su. Wanda aka rubuta wa miligiram 20 sau ɗaya a rana, sai ya mayar da shi kafin sahur. Misali, idan za a kira asuba ƙarfe biyar, ya sha ƙwayar ƙarfe huɗu da kofin ruwa, ya ci abinci huɗu da rabi. Mai sha sau biyu kuwa, ya buɗe baki da ruwa da dabino, ya haɗiyi ƙwayar, ya yi Magariba, sannan ya zauna cin abinci.

Inda aka fi samun matsala shi ne teburin buɗe baki: sambusa mai maiƙo, yajin shaɗɗa, ga gahawa a cikin da ya wuni babu komai. A rage su sosai. Bayan sahur kuma kada a miƙe a kan katifa nan take, abincin zai taso har maƙogwaro. In barci ya zama dole, a ɗaga kan gadon, a kwanta ta gefen hagu. Ciwon kai in ya zo, farasitamol za a sha. Ibufurofen da dikulofenak suna cin bangon ciki.

Wanda ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko ciwon ciki mai tsanani da jiri, ya karya azumi ya nufi asibiti. Mai sabon gyambon ciki, ko wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini, sai likita ya duba shi kafin ya ɗauki azumi.