Yadda na gyara fayil ɗin albashin da banki ya dawo mana da shi

A ƙarshen watan jiya na tura fayil ɗin albashin ma'aikatanmu 46 daga ofishinmu da ke unguwar Bompai, sai banki ya ƙi karɓarsa baki ɗaya saboda lambobin asusu 3 ba daidai suke ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kowa ya zuba ido yana jiran haƙƙinsa.

Lambar asusu ta tsarin NUBAN, wanda bankunan Najeriya ke amfani da shi, alƙaluma 10 ce cif, don haka na fara da ƙirga tsawon kowace lamba a Excel:

```
=LEN(B2)
```

Lambobi 2 sun nuna 9. Dalili kuwa shi ne da sifiri suka fara, kuma da aka buɗe fayil ɗin albashin, wanda yake a tsarin CSV na rubutu zalla, manhajar ta ɗauke su a matsayin adadin lissafi, ta share sifirin farkon. Na mayar da shi da wannan:

```
=TEXT(B2,"0000000000")
```

Ta ukun ce ta fi ba ni wahala, domin alƙalumanta 10 ne cikakku. Ashe ma'aikaciyar ta sauya banki, an rubuta sabuwar lambarta amma an bar lambar shaidar tsohon bankin, alhali kuwa alƙalami na ƙarshe, wanda ake tantancewa da shi, daga lambar bankin da sauran taran ake lissafo shi.

Bayan na gyara, na tabbatar da sunan kowane asusu, na duba fayil ɗin a Notepad maimakon Excel don kada sifirin ya sake ɓacewa, sannan na tura. Kafin la'asar kuɗin kowa ya shiga.