Babi na Bakwai: Jinyar mai kumburin fankiriyas a kwana biyu na farko

Darasi na ɗaya: mene ne ciwon, me ke kawo shi

Ku ɗora hannunku a saman cibiya, ƙasa da ƙirji. A can ciki, bayan tumbi, akwai wata tsoka doguwa da ake kira fankiriyas. Ita ce ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji. Idan ruwan nan ya fara aiki tun bai fita ba, sai ya shiga cin tsokar da ta yi shi, ta kumbura farat ɗaya.

Abu biyu ne suka fi kawo wannan. Na farko tsakuwa ce da ke fitowa daga matsarmama ta toshe hanyar da ruwan ke bi. Na biyu shan giya mai yawa. Bayan su akwai yawan kitse a jini, da wasu magunguna, da bugu a ciki. Saboda haka idan likita ya tambaya ko mara lafiya yana shan giya, ku faɗi gaskiya, ku kuma kawo duk magungunan da yake sha.

Ciwon yakan kama saman ciki da ƙarfi, ya ratsa har baya, da amai. Likita zai tabbatar idan ya sami biyu cikin uku: irin wannan ciwo, ko gwajin jini na laifes, wani sinadari da fankiriyas ke fitarwa, ya ninka iyakar da ake gani a mai lafiya sau 3, ko hoton ciki ya nuna kumburin. Wannan ba ciwon da ake jinya a gida ba ne.

Darasi na biyu: yadda ake gane tsanani

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Yawan lambar laifes ba ya nuna tsananin ciwon. Wani lambarsa ta kai dubbai kuma ya warke cikin mako guda, wani tasa kaɗan ce amma yana cikin haɗari. Abin da ake dubawa shi ne ƙoda da huhu da hawan jini ko saukarsa.

Tsarin Atlanta, wato ma'aunin da likitoci ke bi wajen gane tsananin ciwon, wanda aka gyara a 2012, ya kasa ciwon gida uku. Mai sauƙi shi ne wanda babu gaɓar da ta gaza, kuma yawancin masu ciwon a nan suke, kusan 8 cikin 10. Matsakaici shi ne wanda wata gaɓa ta gaza amma ta farfaɗo kafin awa 48, ko ruwa ya taru a gefen tsokar. Mai tsanani shi ne wanda gazawar ta wuce awa 48. Kun ga ke nan ba a yanke hukunci a ranar farko. Wanda ya zo yana magana da safe yana iya rikicewa da dare.

To ta yaya mai jinya zai san halin da ƙoda ke ciki? Ta fitsari. Ku auna fitsari, ku rubuta.

Ga yadda ake yi. Ku karɓi mazubi mai layukan awo. Duk lokacin da mara lafiya ya yi fitsari, a cikinsa zai yi. Ku ajiye mazubin a wuri mai shafe, ku sunkuya har idonku ya yi daidai da saman fitsarin, ku karanta lambar. Ku rubuta lokaci a hagu, lamba a dama. Sai bayan kun rubuta za ku zubar. In an sa masa robar fitsari, ma'aikaciyar jinya ce za ta zazzage jakar, ku kuwa ku tambaye ta lambar.

Mu ɗauki magidanci mai nauyin kilo 60. Mafi ƙarancin fitsarin da ake so shi ne rabin mililita kan kowane kilo a awa ɗaya. Rabin 60 shi ne 30, wato mililita 30 a awa. A awa 6, sai 30 sau 6, ya zama 180. An kwantar da shi ƙarfe 8 na safe. Ƙarfe 11 ya yi 70, ƙarfe 2 ya yi 40. Ku haɗa: 110. Bai kai 180 ba. Kada ku jira zagayen likita na gobe, ku kai takardar yanzu.

Wanda lissafin ya ba shi wuya kada ya damu, ya rubuta lambobin kawai, ma'aikata za su haɗa. Hannun da ke rawa ma yana rubuta 70.

Amma akwai halin da ba na so. Sau da yawa mutum ya zubar da fitsarin, in an tambaye shi ya ce "ya yi da ɗan dama". Ɗan dama nawa ne? Wace lamba ce wannan? Haba jama'a! Ku auna, ku rubuta, sannan ku zubar. Da dare ma haka, don ƙoda ba ta san mai jinya yana barci ba.

Ku lura da wasu alamu kuma: bugun zuciya sama da 90 a minti, numfashi sama da 20 a minti, zafin jiki sama da 38 ko ƙasa da 36, ko mara lafiya ya fara sambatu.

Darasi na uku: ƙarin ruwa

Kumburin yana sa ruwa ya tsiyaye daga jijiyoyin jini, ga amai kuma, shi ya sa ake ƙarin ruwa tun awannin farko. Likitoci sun fi zaɓen ruwan Ringa, wanda sinadaransa suka fi kama da na ruwan jini, a kan ruwan gishiri zalla.

A da ana ɗura ruwa da yawa. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa haka, kusan 1 cikin 5 ruwan ya yi musu yawa a jiki, ba tare da sun fi sauran samun sauƙi ba. Yanzu matsakaici ake bi, wato mililita 1.5 kan kowane kilo a awa. Magidancinmu zai sami 90 a awa. Da yake fitsarinsa ya yi ƙasa, likita na iya ba shi mililita 10 kan kowane kilo a tashi ɗaya, wato 600, sannan a sake dubawa. Da me za a duba? Da takardarku. In babu lamba a kanta, likita bai san ko ya ƙara ko ya rage ba.

Kada ku taɓa makunnin robar ruwa da kanku, ko da kun ga yana ɗiga a hankali. In ƙafafu suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya idan ya kwanta, wataƙila ruwan ya yi yawa, ku kira ma'aikaciya.

Darasi na huɗu: abinci

An daina barin mai wannan ciwo da yunwa kwana da kwanaki. In ciwon mai sauƙi ne, amai ya tsaya, akan fara ba shi abinci mai laushi mara maiƙo cikin awa 24 zuwa 48, kaɗan-kaɗan, da izinin likita. In ya kasa ci har kwana 3 zuwa 5, ana sa robar abinci ta hanci, kuma ta fi ciyarwa ta jijiya. Ana ci gaba da auna fitsari.

Darasi na biyar: kafin sallama

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a ba da shi sai an ga alamar ƙwayoyin sun shiga. In tsakuwa ce sanadi kuma ciwon mai sauƙi ne, an fi son a cire matsarmama kafin a sallame shi. In giya ce, ya bar ta gaba ɗaya.

Aiki: mace mai kilo 50 ta yi fitsari mililita 200 a awa 6. Ya isa ko bai isa ba?