Ka cike ɗan katun ɗinka da baƙi kafin ka yi masa fuska

Masu zanen katun, ga dabara. Idan ka ƙirƙiri sabon ɗan katun, ka cike shi da baƙi gaba ɗaya, sannan ka ƙanƙanta shi ya koma kamar girman farcen babban yatsa. Nuna wa wani. In bai gane shi ba, surar ce ba ta yi ba, kuma ƙarin ado ba zai cece ta ba.

Dalili kuwa, ido yana fara kama surar waje kafin ya kai ga fuska. Dubi kan Mickey Mouse: da'ira uku kawai, kuma kunnuwan suna nan a zagaye ko ina ya juya.

Misali, a ce tsoho ne mai tumbi. Jikinsa ƙwai, kansa murabba'i, sai alama ɗaya da ke fitowa waje, wato dogon gemu mai tsini. Auna tsayinsa da girman kansa: kai uku, tumbi ya ci ɗaya da rabi. Zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya a takarda ɗaya, ka ja layuka a kwance ta saman kai, haɓa da ƙugu.

Daga wannan takardar za ka riƙa kwafa kullum. Kar ka kwafa daga fitowar jiya, don ƙaramin kuskure yana taruwa, sai ka ga gemu ya gajarce, ƙafafu sun ƙara tsawo ba ka lura ba.

Inda dabarar ke kasawa: gemun nan yana ɓacewa cikin tumbi idan tsohon ya fuskanto ka kai tsaye. Sai ka karkata gemun gefe, ko ka ɗan juya kansa.