Lissafin nauyin tagullar da ke taruwa a katod

Ɗalibai masu shirin WAEC a Gusau sun yi ta tambayar wannan lissafi. Misali: an ratsa amfiya 2 na lantarki cikin ruwan CuSO₄ na minti 30.

1. Mayar da lokacin zuwa daƙiƙa: 30 × 60 = 1,800.
Hattara: a nan aka fi faɗuwa. In ka bar shi a minti, amsarka za ta ragu sau 60.

2. Nemo yawan cajin: Q = It = 2 × 1,800 = kulom 3,600.

3. Raba da 96,500, wato cajin mol ɗaya na ilektoron: 3,600 ÷ 96,500 = mol 0.0373 na ilektoron.

4. Rubuta abin da ke faruwa a katod: Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu.

5. Raba da 2, tunda kowace ƙwayar tagulla ilektoron biyu take ci: mol 0.01865.
Kula: azurfa, Ag⁺, ɗaya kawai take ci. Kada ka haddace 2, duba cajin ƙarfen da aka ba ka.

6. Ninka da nauyin mol ɗaya na tagulla: 0.01865 × 63.5 = giram 1.18.

In gwaji kake yi a ɗakin kimiyya, busar da katod kafin ka ɗora a sikeli, domin danshi yana ƙara nauyi.