Yadda za ka gane jabun filtar mai kafin ka biya

Idan za ka sayi filtar man inji a kasuwar kayan mota ta Yamai, tafi da tsohuwar da aka cire.

Fara da kwali. Lambar da ke kansa dole ta zo daidai da wadda aka buga a jikin filtar. Rubutu mai dishi-dishi, ko kuskuren harafi, ya isa ka ajiye ta.

Sai ka auna su a hannu, bayan ka tsiyaye man tsohuwar. Jabu takan fi sauƙin nauyi, don ƙarfenta siriri ne, takardar ciki kuma kaɗan.

Yanzu leƙa ta ƙananan ramukan gindinta. Ya kamata ka ga robar da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. In babu ita, kowace safiya injin zai yi 'yan daƙiƙoƙi yana juyawa a bushe, fitilar mai tana jinkirin mutuwa. Wannan ne ya fi damuna, domin ɓarnar ba ta bayyana sai ƙarfen ciki ya cinye.

Daga ƙarshe shafa zaren dunƙulewa da yatsa. In ka ji kaushi ko ɓurɓushin ƙarfe, mayar wa mai shago abinsa.