Yadda za ka karanta takardar binciken koyon na'ura karo na farko

Ɗalibai da yawa da na zauna da su matsalarsu ɗaya ce. Sai su kama takarda daga layin farko kamar littafin labari, su isa shafi na uku, lissafi ya tare su, su ajiye. Ba ta nan ake shiga ba.

Mu ɗauki takardar ResNet a kan koya wa na'ura gane hotuna, wadda Kaiming He da abokan aikinsa suka fitar a 2015. Kyauta take a arXiv, shafin intanet da masu bincike ke ɗora takardunsu. In da hali ka buga ta, don karatu a waya ba ya barin mutum ya ja layi da biro.

Fara da Abstract, ka rubuta iƙirarinsu a jimla ɗaya da bakinka: samfuri mai hawa da yawa, wato matakan lissafi da hoto ke bi ɗaya bayan ɗaya, yana da wuyar horarwa, su kuma sun samo dabarar sauƙaƙa shi. In jimlar ta ƙi fitowa, sake karantawa.

Daga nan tsallaka zuwa Figure 1. Samfura biyu ne a kan tarin hotunan gwaji na CIFAR-10, mai hawa 20 da mai hawa 56, kuma mai 56 ya fi yin kuskure. Yawanci sai ɗalibi ya ce ai hadda ya yi. Duba da kyau: har a bayanan da aka horar da shi kuskurensa ya fi yawa, alhali mai hadda a nan yake cinyewa. Ashe horon ne ya gagara.

Yanzu Table 2, inda nake so ka daɗe. Lambobi huɗu ne kacal, duk kuskuren top-1 a babban tarin hotuna na ImageNet, wato kaso nawa cikin ɗari ne zaton farko na samfurin bai yi daidai ba. Ba tare da dabarar ba, mai hawa 18 ya samu 27.94, mai 34 ya samu 28.54, wato ƙarin hawa ya ɓata. Da dabarar kuwa, mai hawa 18 ya samu 27.88, mai 34 ya sauka zuwa 25.03. Tambayi kanka me aka canza, me aka bari yadda yake. Dabarar kaɗai aka saka, shi ya sa teburin ya zama hujja. Ka kuma lura a hawa 18 kusan babu bambanci, amfanin sai an yi zurfi.

A nan na taɓa yin kuskure. Na ga 3.57 a Abstract na kwatanta da 25.03. Ashe 3.57 ɗin top-5 ne, inda ake karɓar amsa in tana cikin zato biyar na farko, kuma samfura shida aka haɗa. Kada ka kwatanta lambobi kafin ka karanta rubutun da ke jikin tebur.

Sai yanzu lissafi. Zuciyarsa `F(x) + x` ce: abin da ya shiga sai ya zagaye hawa biyu ko uku a ƙara shi a kan abin da suka fitar. Related Work bar shi sai karatu na biyu. Amma ka leƙa gwajin hawa 1202 a CIFAR-10, inda ko da dabarar kuskure ya kai 7.93, sama da 6.43 na mai hawa 110.