Darasi na Bakwai: Jar Hula da Farar Hula

Darasin yau kacici-kacici ne da masana lissafi suka daɗe suna jarraba juna da shi. Ba ya buƙatar ninki ko rabawa mai tsawo. Duk wanda ya iya ƙirga goro ya raba shi biyu-biyu zai iya warware shi, muddin ya bi a hankali.

Ga labarin. Gandiroba ya tara fursunoni 100 da daddare ya ce musu: "Gobe da safe zan jera ku layi ɗaya, kowa yana fuskantar ƙeyar na gabansa. Zan sa wa kowa hula, ja ko fara. Ba wanda zai ga tasa, ba wanda zai waiwaya. Zan fara tambaya daga na can ƙarshen layi, in yi ta matsowa gaba. Kowa kalma ɗaya zai faɗa, ja ko fari. Wanda ya faɗi launin hularsa daidai, na sallame shi. Wanda ya kuskure, ya koma ɗaki. Kuna da daren nan ku yi shawara."

Mu riƙe sharuɗɗan da kyau. Kowa yana ganin hulunan duk waɗanda ke gabansa, kamar a ce kan matakala suke tsaye suna duban ƙasa. Kowa yana jin abin da na bayansa suka faɗa, amma ba a sanar da wanda ya ci ko wanda ya faɗi sai an gama. Ba tari, ba gyaran murya, ba taɓa juna. Kuma gandiroba bai ce ja hamsin ne fari hamsin ba. Yana iya sa wa kowa ja in ya so.

Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce a haɗa su biyu-biyu. Na baya ya faɗi launin hular na gabansa, na gaban ya maimaita ya tsira. Na uku ya yi wa na huɗu haka, har ƙarshe. Wannan ba laifi, mutum 50 sun tsira tabbas, sauran 50 kuwa sai abin da sa'a ta yi. Amma akwai asara a cikinta: mutum ya tsaya yana ganin huluna casa'in da tara, ya kashe kalmarsa guda a kan hula ɗaya tak. Akwai hanyar da kalma ɗayan nan za ta amfani kowa, har mutum 99 su tsira ba tare da an dogara ga sa'a ba.

Cika da mara

Ɗebo goro a hannu ka ajiye su biyu-biyu. In sun ƙare ba saura, adadin cika ne: 2, 4, 6, 8. In ɗaya ya rage ba abokin tafiya, adadin mara ne: 1, 3, 5, 7. Sifiri fa, wato babu ko ɗaya? Cika ne, domin ba abin da ya rage shi kaɗai. Ka riƙe wannan, a nan masu koyo suka fi tuntuɓe.

Yanzu ka lura da abu guda. In goronka cika ne ka ƙara ɗaya, ya koma mara. Ka sake ƙara ɗaya, ya dawo cika. Ɗaukewa ma haka take. Duk dabarar a kan wannan ta tsaya.

Ga abin da fursunonin suka shirya. Na can baya, wanda za a fara tambaya, zai ƙirga jajayen hulunan da ke gabansa. In adadin mara ne, ya ce "ja". In cika ne, ya ce "fari". Ba hularsa yake nufi ba, saƙo yake aika wa 'yan uwansa.

Mu gwada da mutum shida

Ɗari ta yi yawa ga takarda, don haka mu ɗauki shida. Na ɗaya shi ne na can baya, na shida shi ne na gaba wanda ba ya ganin kowa. Hulunansu, daga baya zuwa gaba: fari, ja, fari, ja, ja, fari. In kana da jan goro da fari, jera su haka a kan tabarma ka bi da yatsa.

Na ɗaya ya duba gabansa ya ga ja uku. Uku mara ne, sai ya ce "ja". Tasa fara ce, don haka bai tsira ba, amma saƙo ya isa.

Na biyu ya ƙirga ya ga ja biyu, wato cika. Sai ya ce a ransa: "Na bayana ya ga mara, ni kuma ina ganin cika. Duk abin da nake gani shi ma ya gani, bambancinmu hulata ce kawai. Ashe ita ce ta ƙara ɗaya." Ya ce "ja". Ya ci.

Na uku sai ya ƙara tunani kaɗan. Ya san jajayen da na ɗaya ya gani mara ne, ya kuma ji ɗaya ta fita tare da na biyu. To abin da ya rage, daga kansa zuwa gaba, cika ne. Ya ƙirga ya ga ja biyu, cika. Lissafi ya riga ya yi daidai ba tare da tasa ba, saboda haka tasa ba ja ba ce. Ya ce "fari".

Na huɗu ya ji "fari", ya san ba jar da ta fita, saura har yanzu cika ne. Shi kuwa ja ɗaya yake gani, mara. Dole tasa ce cikon. Ya ce "ja".

Na biyar ya san saura ya koma mara. A gabansa farar hula ce guda, ja babu, wato cika. Bai dace da mara ba, don haka jar tana kansa. Ya ce "ja".

Na shida ba ya ganin kowa, amma kunnensa ya isar masa. Saura ya dawo cika, kuma shi kaɗai ya rage. Hula ɗaya in ja ce mara za ta bayar, tun da cika ne, fara ce. Ya ce "fari". Biyar cikin shida sun tsira, kuma da 100 ne da 99 sun tsira, domin tsawon layi ba ya canza komai.

Riƙe lissafi da hannu

A layi mai tsawo ba wanda zai iya tuna amsoshi tamanin. Ba a ma buƙatar haka. Kowa ya dunƙule hannunsa tun farko, dunƙulallen hannu shi ne cika, buɗaɗɗe shi ne mara. Duk lokacin da ka ji an ce "ja", har da bakin na farko, ka juya hannun: in a dunƙule yake ka buɗe, in a buɗe yake ka dunƙule. In an ce "fari", bar shi yadda yake. Da aka zo kanka, ƙirga jajayen gabanka. In sun dace da hannunka, ka ce "fari". In sun saɓa, ka ce "ja". Ka gwada da na ɗaya, za ka ga ƙa'idar nan ta hau kansa shi ma: hannunsa a dunƙule, ya ga mara, sun saɓa, ya ce "ja".

Na farkon fa, ba yadda za a yi a cece shi? Babu. Ba wanda ke ganin hularsa, ba kuma wanda ya yi magana kafin shi. Ko da zai ƙi taimakon kowa ya yi canke don kansa, rabi da rabi ne. In ya bi shirin ma rabi da rabi ne. Taimakon da ya yi bai rage masa komai ba.

In wani ya kuskure

Mutane da yawa suna zaton kuskure ɗaya zai rusa layin gaba ɗaya. Ni ma haka na ɗauka kafin in zauna in bi shi da goro. Mu koma kan shidan nan, a ce na uku ya ruɗe ya ce "ja" maimakon "fari". Sauran sun juya hannu sau uku ke nan, ya tsaya a buɗe. Na huɗu ya ga ja ɗaya, mara, ya dace da hannunsa, sai ya ce "fari". Ya faɗi, ba da laifinsa ba. Na biyar hannunsa a buɗe, ja babu a gabansa, sun saɓa, ya ce "ja", kuma daidai ne. Na shida ya dunƙule, ya ce "fari", shi ma daidai.

Me ya faru? Kuskure na biyu ya shafe na farko. An juya hannu inda bai kamata ba, sannan aka ƙi juyawa inda ya kamata, sai lissafi ya koma kan turba. Saboda haka kuskure ɗaya mutum biyu yake ci, mai kuskuren da na gabansa. In kuna wasan a aji kuka ga biyu a jere sun faɗi sannan aka ci gaba da ci, ku nemi matsalar wurin na farkon cikinsu, kada ku ga laifin na biyun.

Wannan dabara tana aiki a cikin na'urori. Kwamfuta tana aika saƙo da jerin 0 da 1, kuma akan ƙara lamba ɗaya a ƙarshe don adadin 1 ya zama cika. In saƙo ya iso aka ƙirga aka ga mara, an san wani abu ya lalace a hanya. Sai dai rauninta shi ne abin da muka gani yanzu: in lambobi biyu suka lalace tare, ƙirga zai fito cika, a ɗauka lafiya lau. Wannan gibi na cikin abin da masanin lissafi Richard Hamming ya magance a aikin da ya wallafa a 1950, inda ya yi amfani da irin wannan ƙirga sau da yawa a kan sassa daban-daban na saƙo, har a gane wurin da kuskure ɗaya yake a gyara shi.

Aikin aji

Ku sami mutum biyar su zauna layi a kan benci. In ba huluna, a manna guntuwar takarda a bayan kowa, a yi wa wasu alama da jan biro. Mata na iya amfani da ɗankwali launi biyu, a ɗora shi a kafaɗa ta baya inda mai shi ba za ta gani ba. Malami ya tabbata na baya suna hango kowa, in ba haka ba a zauna a ɗan karkace.

Kafin wasan, kowa ya yi wannan a littafinsa. Huluna daga baya zuwa gaba: fari, fari, ja, fari, ja. Me kowa zai faɗa, kuma mutum nawa za su tsira?

Amsa: na ɗaya ya ga ja biyu, cika, ya ce "fari", kuma ya yi sa'a tasa fara ce. Na biyu hannu a dunƙule, ya ga biyu, ya ce "fari". Na uku ya ga ɗaya, ya saɓa da dunƙulallen hannu, ya ce "ja". Na huɗu hannu a buɗe, ya ga ɗaya, ya ce "fari". Na biyar hannu a buɗe, ba ya ganin ja, ya ce "ja". Duka biyar sun tsira. Ku canza hular na ɗaya kaɗai zuwa ja, ku duba ko amsar wani daga cikin sauran huɗun za ta canza.